Minti Takwas da Kujerar Roba

A masana'antar tatsar man girki inda na kama aiki bayan na dawo daga karatu, ba wanda ke kiran jami'in kiyaye haɗari da sunansa. Mai Tef ake ce masa, saboda tef ɗin awo da ke maƙale a ƙugunsa kullum. Da shi yake auna tsawon tsani da faɗin ƙofa. An ce ya taɓa auna ramin da wani direba ya faɗa kafin ya miƙa masa hannu, amma shi ya musanta. Ya ce sai da ya fito da mutumin tukuna, kuma ramin santimita tamanin ne.

Da dako ya fara, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Yayansa, wanda shi ne babban makaniken masana'antar, shi ya kawo shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya tsaya masa aka ɗauke shi. Daga dako ya koma gadi, a gadin aka lura littafinsa ne kaɗai ake iya karantawa, aka tura shi kwas na wata uku, ya dawo da hular kwano fara. Gida ɗaya suke zaune da yayan, ƙofa na kallon ƙofa, kuma a babur ɗaya suke zuwa aiki, yayan na tuƙi.

Aikina a lokacin shi ne shigar da rahotanninsa a kwamfuta. Fom ɗin na da akwati uku, ƙarami da babba da mai tsanani, a ƙasansu kuma layi shida na rubuta dalili. Ƙarami shi ne wanda bai wuce a wanke ciwo a liƙa filasta ba, shugaban sashe ke rufe shi a ranar. Babba shi ne wanda zai kai mutum asibiti ya hana shi aiki kwanaki, ya warke ya dawo. Mai tsanani kuwa mutuwa ce ko naƙasar da ba ta warkewa, a nan ake tsayar da inji nan take, a sanar da hedikwata, kwamiti ya zo bincike. Duk wannan na karanta shi a makaranta cikin littafi mai kauri. Abin da ban taɓa gani ba shi ne mutumin da layi shida ba sa isarsa, sai ya juya takarda.

"Injiniya," ya ce mini a makon farko, "kowa ya iya zana alama a akwati. Kaza ma in ta taka tawada za ta zana. Dalilin ne aikin."

Wata Laraba da rana, ƙarfe ɗaya saura minti takwas, muka ji wani dum da ya girgiza gilashin ofis. A ɗakin zuba iri akwai injin ɗaga kaya mai sarƙa, wanda ke ɗaukar manyan buhuna masu nauyin tan ɗaya zuwa bakin mazurari. Buhu ne ya zauna a gefen dandamali, sarƙa ta yi sako-sako, hannayensa suka zame daga ƙugiya, ya tuntsuro ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo. Abin da kawai ya taka wata kujerar roba ce shuɗiya, wadda ta koma kamar faranti.

Mutane suka taru suna cewa Allah ya tsare, suka fara watsewa. Mai Tef ya zagaye wurin da jan ƙyalle, ya kashe wutar injin, ya ɗana kwaɗo a makunnin, ya jefa mabuɗin a aljihu. Sannan ya zaro tef. Daga dandamali zuwa ƙasa, mita huɗu da santimita ashirin. Ya hau ya duba ƙugiyar, ya daɗe yana kallonta. Kowace ƙugiya na da 'yar sakata da ke rufe bakinta don kada kaya su zame. Ta wannan sifirin ɗin da ke mayar da ita ta rufe ya karye, wani ya lanƙwasa ta baya ya ɗaure da waya don kada ta riƙa tare hanya, baki ya zauna a buɗe. A takardar duba injin ta kowane mako an rubuta "lafiya" sau uku a jere. Ya san ɗaurin wayar, ya san sa hannun. Na yayansa ne duka.

Ya sauko ya tambaya, "Kujerar wa ce?"

Ta Inna mai shara ce, wata dattijuwa da ke share ɗakin. A nan take zama ta ci abincinta kullum daga ƙarfe ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don nan ne kaɗai iskar fanka ke kaiwa.

Manaja ya kira mu ofis. Mutum ne mai son zaman lafiya, kuma yana da motoci uku da ke jiran lodi.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Wa ya karye?"

"Kujera."

"To, ƙarami ne. Mu sayi kujera."

"Fom bai tsaya kan abin da ya faru ba, yallaɓai. Ya ce ko abin da zai iya faruwa, in har mai yiwuwa ne a hankalce."

"Komai ma zai iya faruwa. Rufin nan zai iya faɗo mana yanzu."

"Rufin bai faɗo ba. Buhun ya faɗo."

Manaja ya dube ni kamar mai neman agaji daga wanda ya yi karatu mai nisa. Na ce ƙa'idar haka take. Ya sauke numfashi, ya ce to a raba gardama, a sa babba.

"Babba na wanda zai je asibiti ya dawo ne," in ji Mai Tef. "Tan ɗaya daga mita huɗu ba ya aika mutum asibiti."

Daga nan manaja ya faɗi abin da kowa ya sani. Rahoton ƙarami a sashen yake mutuwa, na babba a teburinsa, amma mai tsanani kwamiti ne, kuma kwamitin bai taɓa samun wanda ya sa hannu a kan duban da ba a yi ba ya bar shi da aikinsa. Ya ce, "Yayanka saura masa shekara uku ya yi ritaya. Ka je ka yi tunani."

Bai kai ga tunanin ba, yayan ya tare shi a bakin ofis, hannu duk baƙin mai.

"Ƙane, na nemi sabuwar ƙugiya a sito mako uku ke nan. Ga takardar. Me kake so in yi, in haifo ta?"

"Ka tsayar da injin, Yaya."

"In tsayar, su ce na hana aiki? Kai da na goya a baya na kawo ka gidan nan?"

"A babur ka kawo ni."

"Ka ji shi! To ka rubuta abin da za ka rubuta. Hannu dai ba ya ruɓewa a yanke a yar."

Mai Tef ya karɓi takardar siton, ya ce zai liƙa ta a rahoto. Yayan ya ce ya liƙa ta a goshinsa.

Mai Tef ya zauna a teburina ya rubuta, ni kuma na buga. Ya zana alama a akwati na uku. Dalilin, kamar yadda na shigar da shi, ya ce: "Ba wanda ya ji rauni. An ba shi matakin mai tsanani ne saboda buhu mai tan ɗaya ya faɗo daga mita 4.2 daidai kan kujerar da mai shara ke zama kowace rana daga ƙarfe 1:00. Ya faɗo 12:52. Da ya same ta, mutuwa ce. Abubuwa uku ya kamata su tare wannan. Sakatar ƙugiya: a ɗaure take a buɗe da waya, an nemi sabuwa a sito mako uku da suka wuce, ba ta zo ba. Duban mako-mako: an rubuta lafiya alhali ba lafiya. Hana zama a ƙarƙashin kaya: kujerar tana cikin layin rawaya mai nuna wurin haɗari shekara biyu, ina wucewa ta gabanta kullum, muna gaisawa, ban ɗauke ta ba. Ba ɗaya da ya yi aiki a cikin ukun. Minti takwas ne kawai suka raba, kuma minti takwas ba kariya ba ne."

Na tsaya a layin kujerar. Na ce, "Ka san wannan kai yake nunawa?"

"Kwamiti zai tambaya ya aka yi na san mutum na zama a wurin. In ban faɗi yadda na sani ba, dalilin ya zama zato."

"Ko don ka rage wa Yaya nauyi ne?"

"Injiniya, buhu ba ya raguwa don an ɗauke shi mutum biyu. Buga kawai."

Kafin a tashi, labari ya kai wa Inna mai shara. Ta shigo ofis da tsintsiyarta a hannu.

"Kai ne ka kashe ni a takarda?"

"Cewa na yi da ya same ki, Inna."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ina zaune lafiyata kana rubuta mini mutuwa, har da ƙarfe nawa? Wanda Allah ya tsare ai ba a bin bayansa da biro."

Ya ce mata takardar ba fata ba ce, awo ne. Ta ce ya je ya auna uwarsa, sannan ta tuna ta san tsohuwar, ta ce a gaishe ta. Mutane da dama a ɗakin ra'ayinsu ɗaya da nata. A wurinsu, faɗin abin da bai faru ba kiransa ne.

Injin ya tsaya kwana huɗu. Ƙugiyar da ta gagara mako uku ta iso a rana ta biyu. Duk kwanakin nan Mai Tef a motar haya yake zuwa aiki, babur na wuce shi a tasha da kujerar baya ba kowa.

Kwamitin mutum uku ne, suka zauna yini guda. Shugabarsu ta karanta dalilin a fili, ta ce ba ta da abin gyarawa a matakin. Ta tambayi makanike me ya sa ya rubuta lafiya. Ya ce don injin na ɗagawa. Ta tambayi mai sito, ya ce takardar tana kan layi. Ta tambayi Mai Tef me ya hana shi ɗauke kujerar.

"Kunya, ranki ya daɗe. Ta haife ni."

A ƙarshe suka ce ba za a ɗora wa mutum ɗaya abin da ya ratsa ta hannu uku ba. Aka karɓe wa makanike ikon sa hannu a takardar duba har sai ya sake kwas, aka ba shi gargaɗin ƙarshe, aikinsa dai ya tsira. Mai sito ya samu nasa, Mai Tef ma haka.

Ni aka ba wasiƙun in miƙa. 'Yan'uwan biyu suka karɓa a tsaye a gaban teburina, ba wanda ya kalli wani. Yayan ya karanta tasa a hankali, yana bin layi da yatsa, ya ninke. Sannan ya leƙa ta ƙanensa, ya ga ta cika shafi har ta tsallaka na biyu.

"Taka ta fi tawa tsawo," ya ce.

"Shekara biyu ce tawa, Yaya. Taka mako uku."

Yayan ya sake leƙa wasiƙar, ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa adalci.