Sifili a Layin Unguwarsu

A ofishin ƙididdigar lafiya Malam Daidai ake ce masa, domin a shekara ashirin da biyu bai taɓa barin lamba ta kwana a gurbin da ba nata ba. Ko a fuskar kwamfuta da rular ƙarfe yake bin layi.

Shi aka danƙa wa sabon tsarin kare sirrin jama'a. Kafin a fitar da kowane adadi, kwamfuta takan ƙara masa ko ta rage masa 'yar lamba, kamar an jefa ƙuri'a, an kuma auna girmanta yadda za ta rufe sawun mutum ɗaya. Hayaniya suke ce mata. Dubu huɗu ta koma dubu huɗu da biyu, wa ya yi asara? Ana ganin inda cuta ta dosa, amma ba mai iya rantsuwa cewa wane yana cikin lissafin.

A shekarar ce autarsa ta rasu, tana da shekara tara, ciwon ƙoda. Da jadawalin mace-macen yara ya fito, ya bi layin unguwarsu har gurbin ƙoda. Sifili. Shi kuwa ya san ɗaya ce, shi ya sa hannu a takardar asibiti.

Shugabar sashe ta same shi yatsa a kan maɓalli.

"Malam, shayinka har ya yi fushi. Me ka samu?"

"Zan sake jefa ƙuri'ar gurbin nan, ranki ya daɗe. Sau biyu, sau uku, har ta faɗo a ɗaya. Ba ƙarya zan rubuta ba."

Ta jawo kujera ta zauna.

"Kai fa ka koya mana wannan karatun. In muna jefawa har sai ta dace da gaskiya, gaskiyar muka buga, hayaniyar ta zama ado."

"Gurbi ɗaya tak."

"Gobe wani uban ya zo da nasa, mu gyara. Waɗanda suka yi shiru fa? Matsar da rularka gurbi uku gaba."

Ya matsar. Yaran da suka kashe kansu: sifili. A unguwar an ce zazzaɓi ne ya ɗauki ɗan tela, an kuma yi ta ƙus-ƙus cewa kashe kansa ya yi. Ko shi, daga wannan jadawalin, ba zai iya cewa ga gaskiyar maganar ba.

Ya janye hannunsa.

Da yamma ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya gaya mata maganar sifilin tun kafin a buga jadawalin. Ta saurari bayanin duka, har ta gyara masa wata kalma.

"Na gane, Baban Auta," in ji ta. "Lissafinku daidai ne. Amma ranar da za a buga, kada ka shigo mini da shi gidan nan."