Ƙugiyar harafi ɗaya

Ranar Talata da ƙarfe bakwai 'yata Auta ta fita aiki ta bar tabaranta kan firij. Shekarunta ashirin da tara, shida daga ciki ta yi su tana zane a kwamfuta a wani shagon buga alluna. Da ƙarfe tara mahaifiyarta ta miƙo mini tabaran, ta ce tunda na ajiye koyarwa ba ni da uzuri.

Ƙarfe goma na same ta da wani maƙeri zaune a gefenta. Shekara bakwai allon shagonsa na ɗauke da GWANIN KIRA, don wanda ya zana bai sa wa harafin ƙugiya ba. Maƙwabta suka samu abin yi: duk wanda ɗansa ya yi nisa sai ya ce gwani ya kira masa shi. Yanzu yana son KIRA ta koma ƘIRA DA WALDA, amma kada kamannin allon su canza, da su aka san shagon. Mai zanen farko ya daɗe da tashi. Hoto ɗaya ya rage, wanda rubutu da inuwa da bango duk suka manne suka zama abu guda.

Na zauna kallo. Na zaci sabuwar kalmar za ta fara rubutawa, sai na ga ta nemo irin harafin ta sake rubuta GWANIN, wadda ba abin da ya same ta, ta ɗora kan tsohuwar. Ta sa kwamfutar ta nuna bambancin biyun kawai: duk inda suka yi daidai sai wurin ya yi baƙi. Ta ƙara girman hoton har ɗigo-ɗigonsa suka fito, ta ƙirga kaurin layin da ya kewaye haruffan, ɗigo huɗu. Inuwar ta faɗi ƙasa ta dama, nisan ɗigo tara, bakinta a dishe. Hasken rawaya da ke bayan rubutun ya fi ba ta wuya, ta yi ta ƙara faɗinsa tana ragewa har ƙarfe goma sha biyu, sannan fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta rubuta lambobin a littafinta.

Na ce mata inuwar da ke tafe da haske a baya ta saɓa wa duk abin da na koyar a aji.

“Baba, wannan ranar ta maƙeri ce,” ta ce. “Inda ya ga dama take fitowa.”

Da ƙarfe biyu ta goge KIRA ta cike bangon, ta rubuta sababbin kalmomin, ta kwafa musu inuwa da layi da haske. Irin harafin ba shi da Ƙ, don haka ta zana ƙugiyar da hannu. A gwajin da aka buga ƙarfe huɗu, ƙugiyar ta fito tsirara, ba layi ba inuwa. Maƙerin ya ce ta yi kama da ƙudan da ya sauka kan allo. Auta ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya dawo gobe.

Washegari ta tashi da ciwon kai. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mako biyu na je kwashe kayanta, na tarar Dogo, abokin aikinta, yana fama da allon. Ya sa wa ƙugiyar tata layin da inuwar, sai layin ya ratsa mahaɗarta da harafin kamar an ɗinke ta. Maƙerin yana tsaye a gefe. Na buɗe littafinta. Ƙarƙashin lambobin ta rubuta: a haɗa ƙugiya da K su zama jiki ɗaya tukuna.

“Ashe walda ce,” in ji maƙerin. “Ai da kun tambaye ni.”

Dogo ya haɗe su, na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan dishe gefen sababbin haruffan don kada su fi tsofaffin kaifi. Aka buga. Maƙerin ya ja baya taku biyar, ya matso, ya nemi inda aka taɓa bai gani ba. An kafa allon ranar Asabar. Na ji maƙwabtan ba su daina tsokanarsa ba, sai dai yanzu yana nuna musu allon da yatsa.

Tufafinta mahaifiyarta ta raba wa 'yan uwa. Kwamfutar tata ce, amma mun bar wa Dogo, da littafin, bayan na kwafi shafin ƙarshe. Kujerarta mai gurguwar ƙafa maƙerin ya ɗauka bai tambayi kowa ba, ya gyara, ya kawo mana gida. Tana ɗakin karatuna.