Sunana na Bakwai a Jerin Waɗanda Ba Su Biya Ba

Ina tsakiyar gona a Gozaki, muna zuba wa masara taki na biyu, wayata ta yi ƙara. Na goge hannu a jikin riga na duba. Sakataren ƙungiyarmu ta masu sayar da iri da taki da maganin feshi ne ya saka takarda a zauren WhatsApp, jerin waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba. Sunana ne na bakwai, an rubuta shekara biyu a gabansa. A ƙasa kuma aka ce an karanta sunayen a taron da aka yi jiya a Malumfashi.

Raina ya ɓaci har na zubar da rabin kwanon taki a gindin masara ɗaya. A sanina, na bar ƙungiyar nan tun shekara biyu da suka wuce.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina da shago a Malumfashi, ban taɓa bari an tambaye ni kuɗin shekara ba. Da tsadar kaya ta cinye mini jari, na rufe shagon na koma gonar gado. Shugaban ƙungiyar kuwa ubangidana ne, Alhajin da na yi wa zaman shago a Funtua tun ban iya banbance iri mai kyau da jabu ba. Shi ya koya mini sana'ar, shi ya yaye ni, shi ya shige gaba wajen neman aurena. Don haka da zan fita, na sayi goro da turare, na same shi a zaurensa bayan sallar Juma'a, na durƙusa na gaya masa dalla-dalla: na rufe shago, na bar ƙungiya, daga bana ba zan ƙara biya ba. Ya ce ya ji, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na fito ina ganin na yi sallama irin ta 'yan halak.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san doka. Ni ne mataimakin sakatare lokacin da aka rubuta tsarin ƙungiyar, ni na kai shi aka buga. Mai son fita ya rubuta wa shugaba takarda ta hannun sakatare kafin sabuwar shekara ta kama, ya biya abin da ake binsa, ya mayar da katin shaida da takardar da ake ratayewa a shago. In bai yi ba, yana nan a mamba, kuɗi na hawa kansa. Na sani sarai. Amma ni in rubuta wa Alhaji takarda, kamar zan aika masa sammaci? Mutumin da ko sunansa ba na iya kamawa? Kunya ta hana ni, na ɗauka bakina da gwiwata a ƙasa sun fi kowace takarda.

Washegari na hau babur zuwa ofishin ƙungiya, wani ɗaki ne a bayan shagon sakatare. Ban ko amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Malam, wa ya ce ka sa sunana?"

"Yaya, littafi ne ya sa ka, ba ni ba."

"Na gaya wa Alhaji da bakina!"

Ya jawo fayil ya buɗe mini. Babu takardata, babu katina. Ya ce ko daga zauren WhatsApp ban fita ba, kuma gaskiya ne, na zauna ne don ina leƙa farashin taki. Ya ce mutum huɗu a jerin nan kowa cewa yake ya gaya wa Alhaji, in aka ɗaga mini ƙafa sai an ɗaga musu. Duk wannan na iya haɗiyewa. Sai na tambaye shi ko Alhaji yana wurin da aka karanta.

"Yana zaune a kujerarsa."

"Bai ce komai ba?"

"Ko uffan."

Wannan ce ta soke ni. Mutanen da muka yi shekaru muna cin abinci a tire ɗaya sun ji an kira ni mai taurin bashi, mutum ɗaya tak ya san gaskiya, ya zauna yana jan carbi. Kalma biyu sun ishe shi. Ko a waya ya ce mini, kai, je ka rubuta. Shekara biyu muna gaisawa, na je masa barka da Sallah sau huɗu, bai taɓa tuna mini ba.

Na koma gida na rubuta takarda shafi uku. Na lissafa duk taron da na halarta, duk jana'izar da na wakilci ƙungiya, har ranar da na kwana a Danja ina neman belin wani mamba da aka kama da maganin da wa'adinsa ya wuce. Na rufe da cewa sisi ba zan biya ba, su kai ni inda za su kai ni. Na miƙa wa maiɗakina, wadda malamar firamare ce, don ta gyara mini rubutu. Ta karanta har ƙarshe ta ajiye.

"Ƙungiya za ka bari, ko Alhaji?"

Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Kwana biyu ina kumbure-kumbure. Amma na san in takardar nan ta shiga fayil, a gaban jama'a za a karanta ta, kuma daga ranar ba ni da ƙafar shiga zauren nan na Funtua. Na yaga ta. Wadda na sake rubutawa layi biyar ce: na rufe shago, ina sanar da fitata daga ranar kaza, ina godiya da zaman da aka yi, ga katina da takardar shago, ga kuɗin shekara biyu. Waken suyan da na ajiye don kuɗin ƙwadago na fitar na sayar. Ina auna shi ina tsaki.

Duk da haka ban kai wa sakatare ba tukuna. Na ce sai Alhaji ya fara gani, kuma sai na gaya masa abin da ke raina. Na same shi a zaure bayan Juma'a, a kan buzunsa. Na gaishe shi, na ajiye ambulan a gabansa.

"Alhaji, an karanta sunana kana zaune."

"An karanta."

"Kuma na zo nan na gaya maka."

"Ka gaya wa ubangidanka," in ji shi. "Shugaba bai ga komai ba. Kai ka buga dokar. Da na buɗe baki a taron nan, cewa za a yi Alhaji ya rufa wa yaronsa asiri."

Na ce to me ya hana ya tuna mini tun farko. Ya ce ya ɗauka damina ɗaya zan yi in dawo, bai so ya ga sunana ya fita daga littafin ba. Bai ce in yi haƙuri ba. Har yau bai ce ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, don son ransa ne ya jawo aka ci mini mutunci, ni kuma na biya.

Ya sa yatsa ya turo mini ambulan ɗin, ko buɗewa bai yi ba.

"Wannan ta ofis ce. Kai wa sakatare, ka ce ya buga maka hatimi a kwafinka, kada ka baro wurin sai da rasit. Nan gida ne."

Ya ɗaga murya ya ce a kawo abinci. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Na so in ce na ƙoshi. Ya wanke hannu ya turo mini butar, bai ko kalle ni ba. Na zura ambulan ɗin a aljihu, na matso.