Sawuna a Kan Siminti

Shekarar da Yayana ya rasu ita ce shekarar da aka auna ni aka ce jinina ya hau. Ni tela ne a Gumel, wuni nake zaune a kan keke. Likita ya ba ni magani, ya ce in riƙa tafiya da sassarfa kullum bayan asuba. Hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu shekara uku, don haka ban yi gardama ba.

Takalmin gudu ne ba ni da shi. Na yi yadda muka saba tun muna yara. Da safe na karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafata, na ba wani maƙwabcina direba mai zuwa Maigatari ranar Alhamis. Ya dawo mini da kambas fari mai kyau.

Cikin mako biyu farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi, gefen ƙaramin yatsa ya yi bororo, cikin idon sawuna yana zogi. Na jefa takalmin ƙarƙashin gado, na ce gudu ba na tela ba ne.

Yaya ya daɗe yana koyar da wasannin motsa jiki a wata firamare a Gagarawa. A lokacin ya dawo gida jinya, ya rame ƙwarai. Wata Laraba na je gaishe shi, na ba shi labarin takalmin, azahar ta same ni a can. Na yi alwala, na taka simintin baranda ba takalmi. Yana kishingiɗe a tabarma.

"Tsaya nan, tela. Waiwaya ka dubi sawunka."

Na waiwaya. Sawun ya fito cikakke, daga dunduniya har yatsu, kamar an kifa faranti.

Ya sa na jiƙa masa tasa ƙafar da buta, ya dafa ni ya taka kusa da nawa. Nasa sawun tsakiyarsa siriri ne, gefen ciki bai taɓa ƙasa ba.

"Ka gani? Ni tafin ƙafata yana da kwarmi, takalmi mai laushi nake bukata. Kai taka shimfiɗaɗɗiya ce, tana faɗawa ciki in ka taka, ga faɗi kamar ta agwagwa. Da me ka auna?"

"Da tsinke."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Tela guda! In mutum ya aiko maka da tsawonsa kaɗai, ka ɗinka masa riga? Ina faɗin kafaɗa?"

Washegari ya ce tare za mu je kasuwar Maigatari. Matarsa ta hana, bai ji ba. Na so mu yi sammako saboda rana, ya ƙi. Ya ce ƙafa kumbura take yi in ta wuni tana ɗauke da mutum, haka ma in ana gudu. Wanda ya gwada takalmi da safe, da yamma sai ya matse shi. Sai bayan la'asar muka shiga rumfar mai takalma, safar da zan yi gudu da ita a aljihuna.

Mai rumfar ya ba shi benci. Daga zaune Yaya yake karɓar takalmi ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa shi kamar mai matse wanki. Wanda ya murɗe da sauƙi ya ajiye. Na gwanjo kuwa sai ya kifa shi ya dubi dunduniya. In gefe guda ya cinye, ya ce wannan ya riga ya koyi tafiyar wani.

"Malam, wannan ai lambarsa ce," in ji mai rumfar.

"Lambar ta dama ce, Alhaji. Ta hagu ta fi girma, ita za mu bi."

Ya sa na ɗaure igiya na miƙe tsaye. Sannan ya sauko daga bencin a hankali, ya durƙusa a gabana, ya danna babban yatsan hannunsa a gaban takalmin, ya ga ko akwai sarari tsakanin yatsana da bakinsa. Na ga ƙashin wuyansa ta cikin riga. Na ce ya tashi, ya ce in yi shiru in motsa yatsuna.

Wanda ya zaɓa toka-toka ne, mai faɗin gaba, gefen cikinsa da tauri. Ba shi da kyan gani. Ya sa na yi sassarfa har bakin layin masu tabarmi na dawo, mutane suna kallona.

"Dunduniya tana fita?"

"Ba ta fita."

"To, ba ka da sauran hujja."

Na jira ƙafar ta warke, na koma hanya. Kullum in na dawo sai in biya ta gidansa, ya tambaye ni inda na kai, ya ce ko tunkiya ta fi ni sauri. Ranar da na fara kaiwa gonakin bayan gari ban tsaya ba, na tarar ba ya iya magana sosai. Na faɗa masa a kunne. Ya ɗaga hannu kaɗan.

Allah Ya jiƙansa. Bayan an share makoki na zauna kwana biyu a gida ban fita ba. A na uku na sa takalmin na fita.