Na Ƙasa Shi Ne Naki

Inna mai guga ta shekara sha tara a ɗakin wankin otal ɗin Turawan nan, ban taɓa jin wayarta ta yi ƙara ba.

Ranar da aka ba ni takardar albashina ta farko, duk a rubuce da yarensu, na ci ɗamara zan je in wanke manaja tas, ko a bakin aikina. Dubu da ɗari biyu na kuɗinsu suka ce, ɗari takwas na gani a banki!

Inna ta riƙo hannuna. "Zauna, sarkin baki. Na saman takardar nan albashinki ne kafin a taɓa shi. An cire haraji ɗari da ashirin, fansho sittin, ɗakin da suka ba ki ɗari biyu da ashirin. Na ƙasa shi ne naki."

"Wallahi na sama na faɗa wa uwata!"

"Kira ta ki gyara. Ke kina da wadda za ki kira."

Na ce, "Ke fa, Inna?"

Ta ɗora yatsa kan layin fansho. "Ga ɗana nan. Shi kaɗai ke jirana."

Ban je ofis ba. Na kira uwata, Inna ta koma kan gugarta.