Ranar da Aka Hana Ni Magana da Tukwanena

Babu bikin da aka yi a ikilisiyarmu ta gindin dutsen Kagoro, tun ina goyon fari har na yi furfura, da ba hannuna ne ya riƙe ludayinsa ba. Aure ne, jana'iza ce, godiyar kaka ce, ni ake kira. Sai a jera mini murhu a bayan coci, shinkafa nan, gwaten acca can, wake da riɗi, nama a gefe. Matan zumuntar coci suna yanka suna wanki, amma gishiri da yaji da lokacin saukewa nawa ne ni kaɗai.

Kuma ina magana in ina aiki. Ban taɓa ɓoyewa ba. In na zuba gishiri sai in ce wa tukunya, "Ke ta gindin mangwaro, kin samu naki." In wuce in ce wa ta gaba, "Ke saura manja." Abin da hannu ya yi shiru, kai yakan manta, domin zuba gishiri a wannan tukunya da waccan duk kamanninsu ɗaya. Amma abin da baki ya faɗa kunne ya ji, ya zauna. In wuƙa ta ɓace ina yawo ina cewa "wuƙa, wuƙa," don kada idona ya tsaya kan abin da ba shi nake nema ba. In wuta ta yi yawa, raina ya fara tashi, sai in ce, "Ke tsohuwa, a hankali, ba yau kika fara ba." Da na kira kaina kamar wata ce daban, sai zuciya ta sauka. Kuma in aiki ya yi zafi Hausa takan gudu ta bar ni, yaren da na sha a nono shi ke fitowa.

Nan ne matar sabon fasto ta shigo. Yarinya ce daga wajen Kagarko, ba ta jin yarenmu. An yi wani aure, mutane kaɗan suka kwana da ciwon ciki, a lokacin da rabin gari ke fama da gudawa saboda ruwan farkon damina. Ba a tambayi rijiya ba. Ni aka tambaya.

Ta same ni bayan sujadar Lahadi, da uwar zumunta, shugabar matanmu, a gefenta tana kallon ƙasa.

"Mama, kar ki ji haushi. Mutane suna magana. Wai kina faɗin wasu abubuwa a kan abinci."

"Ina faɗi. Ina cewa na sa gishiri."

"To da wa kike magana?"

"Da wadda ta fi kowa hankali a wurin, Mama Fasto. Da kaina."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mai magana shi kaɗai, ko dai kansa ya taɓu, ko akwai wanda yake amsa masa. Na ce mata ta je bakin tashar jirgi a Kafanchan ta ga mahaukaci na gaske. Shi yana jin murya daga waje, yana juyawa yana neman mai ita, yana faɗa da wanda ba ya nan. Ni na san muryar tawa ce, na san ni na aike ta, kuma in mutum ya zo na yi shiru na gaishe shi. Na ce ta dubi duk ɗan da ya fara wasa, yana gina ɗaki da ƙasa yana cewa "wannan nan, a'a, ya faɗi, sake." Maganar da uwa ke yi masa ce ya karɓa yana yi wa kansa. In ya girma sai ta koma ciki, ita ce muke kira tunani. In kaya ya yi nauyi kuma ta sake fitowa ta baki. Hajiyar da nake sayen daddawa wurinta, in kasuwa ta cika, leɓenta ba ya tsayawa. Mai tafiya gona shi kaɗai yana shirya abin da zai gaya wa surukinsa, yana faɗi yana gyarawa. Duk mayu ne?

Ta ce, "Ba mu ce ke mayya ce ba, Mama. Amma don a rufe bakin mutane, a bikin da ke zuwa, maimakon wannan, ki riƙa waƙar yabo. In babu komai, ai ba abin da zai ɓaci."

Na yarda, don ludayina nake so. Da cewa ta yi in yi shiru, da na ci gaba da maganata a ciki, ko da ba ta kai ta baki ƙarfi ba. Amma waƙa! Ku gwada ku gani. Ku riƙe saƙon abu huɗu da aka aike ku saye, ku kama waƙa da ƙarfi har kasuwa. Hanyar da magana ke bi a cikin kai guda ce, in waƙa ta tare ta, babu inda saƙo zai tsaya.

Ranar bikin matan zumunta suka kewaye ni, har da mai kaɗa tulun waƙa. Na ɗaga murya ina yabon Ubangiji, hannuna na tafiya. Na zo kan tukunyar shinkafa ta biyu da gishiri a tafina, na tsaya. Na sa, ko ban sa ba? Na nemi amsar a kaina, ba komai sai amshin waƙa. Na ɗanɗana ruwan, amma harshen da ya ɗanɗani nama da yaji tun safe ba shaida ba ne, ga hayaƙi. Na buɗe baki zan tambayi kaina, na ga idon matar fasto a kan leɓena. Na zuba. Ina nan ina wannan shakka wake ya kama a gindi, domin babu wanda ya ce masa "saura kai." Tukunya guda ta fito kamar kanwa, ɗaya kuma lami, ba gishiri ko ƙwaya. Dangin ango daga Godogodo suka ci loma biyu suka ture faranti. A bikin da ni na dafa!

Na ɗauka yanzu kowa ya gane. Ashe ban san mutane ba. Kafin a kwashe kujeru magana ta zaga: kun gani, da aka yi waƙar Yesu ikonta ya karye. Shekara da shekaru ashe ba hannunta ba ne. Matan da na koya wa wanke acca, waɗanda na dafa abincin aurensu da na jana'izar iyayensu, su ne suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce.

Bayan mako biyu dattawan ikilisiya suka aiko uwar zumunta gidana. Ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi shan ruwan da na ba ta.

"Yaya, an ce ki zo gaban jama'a ki durƙusa a yi miki addu'ar kuɓuta. Daga nan sai ki koma kan aikinki. Abu kaɗan ne."

"In kuɓuta daga me?"

"Ke dai ki zo. Ni na san ki."

"Kin san ni? Ke da kike niƙa kina yi wa mijinki faɗa alhali yana gona, har ina jin ki ta katanga? Me ya hana ki faɗa musu haka?"

Ta ce ita ba ta son a sa sunanta a cikin wannan magana.

Manyan tukwanen zumunta a ɗakina ake ajiye su tun da aka saye su. Na shiga na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na kife a ƙofar gida, na ɗora ludayin a kai. Na ce ta kira mai babur ya kwashe. Gwiwata ta durƙusa wa Allah tun kafin a haifi matar fasto, kuma za ta ci gaba, amma ba za ta taɓa ƙasa don in amsa laifin da ban yi ba. Ta tsaya tana cewa in yi haƙuri, in sake tunani. Na ce na riga na yi, da ƙarfi kuwa, kuma duk unguwa ta ji.