Gaisuwar da Baba Ya Aika wa Matar Kamfani

Mahaifina shekara ashirin da biyu ya yi yana buga tafireta a wani ofishi kafin ya koma gyaran keken ɗinki. Shi ya sa har yau a layinsu Akawu ake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da yadi. Kullum warin man keke yake, kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da takardar mai shi ɗaure a wuya. Teloli kan ce in Akawu ya saurari ƙarar keke sau ɗaya, ya san abin da ke damunsa.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa Turancinsa ne, na wasiƙa, mai tsari. Duk wanda zai nemi aiki ko ya kai koke a unguwarmu, wurinsa yake zuwa. Mama kan tsokane shi ta ce ko gishiri zai aiko a sayo, sai ya sa kwanan wata da sa hannu.

Ya daɗe yana burin ya daina sa wa mutane kayan gyara na jabu, waɗanda ba sa wata uku su lalace. Wata shekara ya je bajekolin kayan masana'antu, ya tsaya a rumfar wani kamfanin ƙasar waje da ke ƙera allurai da bel da sauran kayan keke. Wakilinsu ya ga yadda Baba ya kwance wani keke ya mayar, sai ya ce suna neman dila guda a yankinmu. Ya ba shi katinsa, a bayansa ya rubuta masa suna da lambar matar da ke tantance sababbin diloli, ya ce ya tura mata saƙo ta waya, ta fi saurin amsawa a can.

Kwana biyu Baba yana tsara saƙon a takarda. Rana ta uku na biya ta shagon da tsakar rana, ina sauri zan karɓi aiki a asibiti, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ya miƙo mini takardar yana murmushi. Ya fara da "Dear Madam", ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya ambaci wanda ya ba shi lambar, sannan ya bayyana buƙatarsa. Layin farko kawai na karanta na kwashe da dariya.

"Baba, wannan ai waya ce, ba gidan waya ba. Yanzu ba a wannan Madam ɗin. Ka fara da Hello, ka yi mata magana kamar yadda kake yi da mutane."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, kin tabbata ba za ta ga na raina ta ba?"

Na ce masa Turawan yanzu ba ruwansu da wannan, na ɗauki jakata na fita. Ban zauna mun gyara tare ba.

Baba ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Ya cire "Madam", ya sa "Hello" a gaba, ya bar "dear" a wurinta, domin duk tsawon aikinsa kalmar girmamawa ya san ta. Ga shi na ce ya yi magana kamar yadda yake yi da mutane, shi kuwa bai taɓa fara wa baƙo zancen buƙata kafin a gama gaisawa ba. Sai ya ajiye sauran bayanin, ya tura: "Hello dear. How was your night? How is your family?" Ya zauna jiran ta amsa, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi.

Wayar ta nuna an karanta, amma shiru. Washegari ya tura "Good morning dear". Rana ta uku ya sake. Da yamma hotonta ya ɓace daga wayarsa, saƙo kuma ya daina shiga. Ya ɗauka matsalar sabis ce, har ya kai wayar wurin gyara. Mai gyaran ne ya gaya masa cewa toshe shi aka yi.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Sai bayan sati uku, da na tambaye shi labarin kamfanin, ya miƙo mini wayar. Na karanta saƙonnin. Na bayyana masa cewa "dear" in tana gaban suna ko "Madam" a buɗe wasiƙa, girmamawa ce. Amma in ta tsaya ita kaɗai bayan gaisuwa, kamar ka ce wa mace "masoyiya" ne, kuma da ita 'yan damfara suka fi fara saƙo. Tambayar yadda ta kwana kuwa, wadda a wurinmu gaisuwa ce kawai, a kunnenta shisshigi ne cikin abin da bai shafe shi ba. Ga lamba baƙuwa, babu suna, babu dalili. Na ce da ya rubuta "Dear Ms" da sunan danginta, ko ma ya tura takardarsa yadda take, da ba abin da zai faru. Iyaka ta ga ya cika tsari, ta amsa da "Hi" da sunansa, shi kuma ya bi yadda ta yi.

Ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa da ba abin da ya taɓa shi. Can ya ce, "Wato ta ɗauka ni, da furfurata, nemanta nake yi."

Wannan ya fi ci masa rai fiye da cinikin. Muka nemo katin wakilin nan, Baba ya rubuta masa wasiƙa irin tasa ta da, ni na tura ta imel ban taɓa ko waƙafi ba. Bayan kwana goma matar da kanta ta amso. Ta ba da haƙuri, ta ce irin waɗannan saƙonni suna yawan zuwa mata, shi ya sa take toshewa ba ta tsaya bincike ba. Ta ce ta fahimci ba da wata manufa ya yi ba. Sai dai sun riga sun ba wani shago dilancin, kuma yarjejeniyar ta shekara uku ce.

Shagon da aka ba wa yana bakin babban titi. Teloli suka fara zuwa can sayen kaya, a hankali gyaran ma ya bi su. Baba kan hau mota ya je ya sayo kayan kamfanin a hannunsu, don ya ce suna da kyau, ba zai hana mutanensa ba. Kafin shekara ukun ta cika idonsa ya yi rauni, zura zare a allura ma sai da laluba. Ya sallama shagon ga mai yadi ya dawo gida.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ranar da muke kwashe kayan shagon na tattara ƙarfin hali na ce ya yafe mini, ni na ja masa. Ya ce laifinsa ne, tunda shi ya matsa yatsa ya tura. Ya ce in kama masa ƙarshen kantar, ta yi masa nauyi.

Yanzu keken Mama kawai yake dubawa, in ya ƙi ɗinka kayan jikoki. In baƙuwar lamba ta turo masa saƙon Turanci, sai ya ajiye wayar har in zo, mu karanta tare, ni kuma nakan zauna in karanta har ƙarshe.